Bashi Ne Ko Kyauta? Mu Zauna Mu Rubuta Sanarwar Lamunin Karatu

 A wannan makon za mu ɗauki wani ɗan gajeren rubutu da kowannenku ke cin karo da shi kusan kullum, amma ba kasafai ake koyar da shi a aji ba. Muna nufin layukan nan huɗu ko biyar da wata ma’aikata ko hukuma ke rubutawa a ƙarƙashin hoto, ko a jikin takardar da ake mannawa a allon sanarwa, don ta shaida wa jama’a cewa ta fito da wani sabon shiri. Rubutun bai fi a karanta shi cikin rabin minti ba, amma a kansa ne wani zai ranci kuɗin mota ya tafi birni, wani kuma zai miƙa lambar asusunsa ta banki. Idan kalma ɗaya ta karkace, mutane da yawa ne za su karkace tare da ita.

Ba za mu yi ta magana a iska ba. Za mu ɗauki shiri guda na gaske wanda ya shafe ku kai tsaye, musamman ’yan ajin ƙarshe, wato shirin bai wa ɗaliban manyan makarantu bashin karatu a Najeriya, wanda asusun da ake kira NELFUND ke gudanarwa. Mu ɗauka mu ne ma’aikatan sashen hulɗa da jama’a, an ce mu rubuta sanarwar Hausa ta ranar da aka buɗe shirin.

Kafin mu ɗora biro a kan takarda, sai mun tattara abin da muka tabbatar. Shugaban ƙasa Bola Tinubu ya fara sa hannu a dokar bashin ɗalibai a watan Yuni na 2023. Daga baya aka soke waccan dokar aka yi sabuwa, ya sa mata hannu ranar 3 ga Afrilu, 2024. An buɗe shafin neman bashin ranar Juma’a, 24 ga Mayu, 2024, kuma a zangon farko ɗaliban manyan makarantun gwamnatin tarayya ne kawai aka ce su nema. Na makarantun jihohi sai daga baya aka buɗe musu. Bashin ba shi da kuɗin ruwa. Kuɗin makaranta ana tura shi ne kai tsaye ga makarantar, ba ya bi ta hannun ɗalibi. Akwai kuma kuɗin kashewa, Naira 20,000 a wata, wanda shi ne ke shiga asusun ɗalibin da ya nema. Ana fara biya shekara biyu bayan kammala yi wa ƙasa hidima. Ga kayan miyarmu ke nan.

To, ga irin abin da hannu ke saurin rubutawa. Mu ne muka ƙirƙiri wannan don darasi, ba daga wata hukuma muka ɗauko ba, amma duk wanda ke karanta saƙonnin da ake yaɗawa a waya zai gane ƙirarsa:

“ALBISHIRINKU ƊALIBAI! A ƙoƙarinta na share hawayen talakawa, gwamnati mai adalci ta fito da gagarumin tallafi ga dukkan ɗaliban ƙasar nan. Daga yanzu an daina kukan kuɗin makaranta. Za a fara rajista gobe. Ku hanzarta kada a bar ku a baya! Don ƙarin bayani a tuntuɓi hukumomin da abin ya shafa.”

Yana da daɗin karantawa, ko ba haka ba? Har mutum ya ji kamar ya ce goro. Amma mu bi shi a hankali, mu ga me wanda ya karanta zai tashi da shi.

Babbar ɓarakar tana cikin kalmar “tallafi”. A kunnen Bahaushe, tallafi abu ne da ake ba ka don a rage maka nauyi, ba a kuma jiran ka mayar. Idan gwamnatin jiha ta ce ta ba ɗalibanta tallafin karatu, babu wanda ke sa ran wata rana za a zo karɓa. Shi kuwa wannan shirin bashi ne. Za a biya. Wanda ya rubuta “tallafi” wataƙila ba da niyyar yaudara ya yi ba, kalmar ce kawai ta fi taushi a baki, amma sakamakon ɗaya ne da na ƙarya.

Bari mu yi ɗan lissafi don ku ga nauyin abin. Alƙaluman nan misali ne kawai. A ce kuɗin makarantar wani ɗalibi Naira 100,000 ne a shekara, karatun kuma na shekara huɗu ne. Wannan ya kama Naira 400,000. A ce kuma ya karɓi kuɗin kashewa na wata goma a kowace shekara: Naira 20,000 sau goma, Naira 200,000 ke nan, a shekara huɗu Naira 800,000. Jimilla Naira 1,200,000. Tsarin biyan shi ne a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashin wanda ya ci bashin. Idan ya samu aiki mai albashin Naira 100,000 a wata, za a riƙa cire Naira 10,000. Ku raba 1,200,000 gida 10,000, za ku samu wata 120, wato shekara goma cif, in dai albashin bai canza ba. Ba muna cewa bashin ba shi da amfani ba ne. Bashin da babu ruwa a kansa, wanda zai hana yaro barin karatu, abu ne da ya cancanci a duba. Amma alkawari na shekara goma ba abin da za a shigar da mutum ba ne yana zaton kyauta aka yi masa. Haƙƙinsa ne, da na iyayensa, su san sunan abin tun a layin farko.

To wace kalma za mu sa? Hausa ba ta rasa kalmomi a nan ba, kuma kowace da inda ta fi zama. “Aro” na abin da za a mayar da shi kansa ne, kamar littafi ko keke, don haka bai dace da kuɗin da za a kashe ba. “Rance” na kuɗi ne da za a mayar da kwatankwacinsa, ya kuma dace sosai. “Lamuni” ita ce kalmar da gidajen rediyo da jaridu suka fi so, tana da kwarjinin ofis. Sai dai tana da wata fuskar: idan aka ce an yi wa mutum lamuni, wani zai iya fahimtar an ɗaga masa ƙafa ne, ko an tsaya masa. Ita kuwa “bashi” babu tsoho babu yaro da zai yi mata fahimta biyu. A ganinmu, ko da an sa “lamuni” a kanun sanarwa saboda shi ne sunan da aka saba ji, lallai ne “bashi” ta fito a jimlar farko, tare da kalmar “biya”. Wasu ma’aikata na gudun kalmar don suna jin ta yi tsauri. Tsaurin nata shi ne amfaninta.

Sai kalma ta biyu mai haɗari, wato “dukkan”. Duk inda kuka ga “duk”, “kowa” ko “dukkan” a cikin sanarwa, ku tsaya ku tambaya: da gaske kowa da kowa? A nan amsar ita ce a’a. Ku da kuke sakandare ba ku ciki tukuna. Ɗaliban jami’o’i masu zaman kansu ba sa ciki. A ranar 24 ga Mayu, 2024, hatta ɗalibin jami’ar jiha bai shiga ba. Ku kwatanta ɗalibai biyu a birnin Kano a wannan rana: ɗaya yana Jami’ar Bayero, wadda ta tarayya ce, ɗaya yana jami’ar jihar. Na farko zai iya nema. Na biyu, idan ya gaskata “dukkan ɗalibai”, zai je shagon intanet ya biya kuɗi, ya yi ta gwadawa abin yana ƙi. Zai koma gida yana cewa shirin ƙarya ne, ko kuma ya faɗa hannun wani da zai ce masa ya san hanya in zai ba da na goro. Sanarwa ta gari tana faɗin waɗanda abin ya shafa, tana kuma faɗin waɗanda bai shafa ba tukuna, don su zauna a gida da kuɗinsu.

Yanzu “gobe”. Mai shela a garuruwanmu yana iya cewa “gobe da safe kowa ya fito”, domin muryarsa tana ƙarewa ne a daren da ya yi shelar. Rubutu ba haka yake ba. Takardar da aka manna ranar Alhamis tana nan a bango bayan wata uku, tana ta cewa gobe. Hoton da aka tura a waya yakan zagayo bayan shekara guda kamar yau aka yi shi. Saboda haka a sanarwa ba a cewa gobe, ko mako mai zuwa, ko nan ba da jimawa ba. Ana rubuta rana, da wata, da shekara. Shekarar ce mutane suka fi mantawa, alhali ita ce ke tona asirin tsohon saƙo.

A wannan shirin ma akwai dalili na musamman da ya sa shekara ke da muhimmanci. Dokar 2023 ta zo da sharuɗɗa masu tsauri: sai abin da gidan su ɗalibi ke samu a shekara bai kai Naira 500,000 ba, kuma sai ya kawo mutum biyu da za su tsaya masa. Dokar 2024 ta cire waɗannan sharuɗɗan. Ke nan bayanin da ya kasance gaskiya a 2023 ya zama kuskure a 2024. Idan takarda ba ta da kwanan wata, yaron da ya karanta tsohon bayani zai iya haƙura da nema don ba shi da wanda zai tsaya masa, alhali an daina tambaya. Babu wanda ya yi masa ƙarya. Rashin kwanan wata ne kawai ya hana shi.

Ku lura kuma da bambancin “ana shirin buɗewa”, “za a buɗe” da “an buɗe”. Matakai uku ne daban. Na farko niyya ce, na biyu alkawari ne, na uku ne kaɗai ke nufin mutum ya tashi ya nema. Tsakanin sa hannu a dokar farko da buɗe shafin nema an kusan shekara guda. Duk wanda ya rubuta “an fara” a cikin waɗannan watanni ya riga malam masallaci.

Jimlolin yabo kuwa, irin su “gwamnati mai adalci” da “share hawayen talakawa”, ba sai mun daɗe a kansu ba. Ba su gaya wa ɗalibi abin da zai yi ba, sun kuma cinye wurin da ya kamata a faɗi takardun da zai tanada. “An daina kukan kuɗin makaranta” alkawari ne da babu ofishin da zai iya cikawa. “Ku hanzarta kada a bar ku a baya” kuwa muryar ’yan damfara ce. Su ne ke son mutum ya yi sauri kafin ya yi tunani. Idan akwai ranar rufewa, a rubuta ta. Idan babu, kada a tsorata mutane.

Mun zo kan layin ƙarshe, wanda a wurinmu shi ne ya fi kowane lalacewa: “a tuntuɓi hukumomin da abin ya shafa.” Waɗanne hukumomi? A ina suke? Wannan jimla tana kama da an ba da amsa, amma ba a ba da komai ba. Gajeriyar sanarwa ba za ta iya ɗaukar dukkan bayani ba, kuma ba a so ma ta ɗauka. Aikinta shi ne ta faɗi jigon magana, sannan ta nuna ƙofa guda da za a shiga a samu sauran. Idan ba ta nuna ƙofar ba, wani zai kafa tasa rumfar a bakin hanya ya ce nan ne.

Ƙofar wannan shirin ita ce shafin asusun, `nelf.gov.ng`. Ku dubi yadda adireshin ya ƙare: `.gov.ng`. Wannan ƙarshen an keɓe shi ne ga hukumomin gwamnatin Najeriya, ba kowa ne zai je ya saya ba kamar yadda ake sayen `.com`. Hukumar shirya jarrabawar shiga manyan makarantu tana `jamb.gov.ng`, hukumar katin ɗan ƙasa tana `nimc.gov.ng`. Amma akwai wata dabara da ya kamata ku sani. Abin da ake dubawa shi ne ƙarshen sunan shafin, wato abin da ya zo daf da alamar `/` ta farko, ko ƙarshen adireshin in babu alamar. Ga misali na koyarwa:

```
nelf.gov.ng
nelf.gov.ng.example.com
```

Na sama na gwamnati ne. Na ƙasa, duk da ya fara da haruffa iri ɗaya, ya ƙare ne da `example.com`, kuma mai wannan sunan ne ke da shafin, ko waye shi. Ido mai sauri ba zai ga bambanci ba. Shi ya sa mai rubuta sanarwa zai rubuta adireshin a fili, harafi bayan harafi, yadda za a iya kwafe shi da biro daga allo. Kada ya gajarta shi, kada ya ɓoye shi a bayan “latsa nan”, kada kuma ya fassara shi ko ya sauya masa rubutu. Haka nan NIN da BVN da JAMB: mu bar su yadda suke, domin haka ɗalibi zai gan su a fuskar kwamfuta. Muna iya bayyana su da Hausa, mu ce lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, lambar tantancewa ta banki ta BVN, amma haruffan su fito.

Kuma ƙofa ɗaya ta fi uku. Wasu sanarwoyin sukan jero lambobin waya huɗu da shafuka uku, a zaton hakan taimako ne. Matsalar ita ce, yayin da saƙo ke yawo daga waya zuwa waya, abu ne mai sauƙi wani ya soke lamba ɗaya ya sa tasa, babu mai lura. Idan kowa ya san ƙofa ɗaya ce, baƙuwar ƙofa za ta fito fili.

Akwai wata ’yar kalma da Hausa ta ba mu mai daɗin amfani, amma takan ɓoye mai magana: “an”. An buɗe, an ce, an amince. A tsakiyar sanarwa babu laifi. Amma a wani wuri, sama ko ƙasa, dole sunan wanda ya yi abin ya fito. “Gwamnati” kaɗai ba ta isa ba, domin akwai ta tarayya, akwai ta jiha, akwai ƙaramar hukuma. Wanda ya ji “gwamnati ta buɗe” zai iya nufar sakatariyar ƙaramar hukumarsu, inda babu wanda ke da fom ɗin.

To, mu gwada namu. Muna sake jaddadawa, wannan rubutunmu ne na darasi, ba kalaman asusun ba ne:

“An buɗe neman bashin karatu. Asusun Lamunin Karatu na Najeriya, NELFUND, ya fara karɓar buƙatun ɗalibai ranar Juma’a, 24 ga Mayu, 2024. Bashi ne da za a biya, amma babu kuɗin ruwa, kuma ana fara biya shekara biyu bayan kammala yi wa ƙasa hidima. A wannan zangon, ɗaliban manyan makarantun gwamnatin tarayya ne kawai za su nema. A tanadi lambar JAMB, da NIN, da BVN, da lambar ɗalibta. Ba a biyan ko sisi wajen nema. Cikakkun sharuɗɗa da fom suna nelf.gov.ng.”

Ku karanta shi da ƙarfi. Bai kai minti ɗaya ba. Babu alamar motsin rai ko ɗaya, babu albishir, babu kirari. Amma uban da ba ya karatun boko, idan ɗansa ya karanta masa, zai iya amsa tambayoyin da suka dame shi: wa ke bayarwa, kyauta ne ko bashi, ɗana yana ciki, yaushe, da me za a je, nawa za a biya, ina za a duba.

Ku dubi jimlar nan, “Ba a biyan ko sisi wajen nema.” Wani zai ce ai ba sai an faɗa ba, tun da ba a ce a biya ba. Mu kuwa muna ganin tana cikin jimlolin da suka fi aiki. Duk inda sanarwa ta yi shiru game da kuɗi, a nan mai cuta ke sa nasa farashin. Idan abu kyauta ne, a ce kyauta ne. Idan akwai kuɗi, a faɗi adadin da wurin biya. Sai dai a nan ma akwai tarko: da mun rubuta “kyauta ne” kawai, wani zai ɗauka kuɗin ne kyauta, mu koma gidan jiya. Shi ya sa muka ce “wajen nema”. Neman ne ba a biya, bashin kuwa yana nan.

Me muka bari a waje? Mun bar maganar kashi 10 cikin 100. Mun bar Naira 20,000. Mun bar tarihin dokokin biyu. Wannan zaɓi ne, kuma ana iya yin gardama a kansa. Dalilinmu na barin Naira 20,000 shi ne, da zarar adadin kuɗi ya fito a gajeren rubutu, shi ne ke rinjayar komai. Kafin la’asar labari zai zama “gwamnati na raba wa ɗalibai dubu ashirin-ashirin”, kalmar bashi kuwa ta faɗi a hanya. Wani marubucin zai ce a’a, ɗalibi na da haƙƙin sanin akwai kuɗin kashewa, kuma yana da gaskiya. In za a sa, to a ɗaure shi da kalmar bashi a jimla guda, a ce: “Bashin ya haɗa da kuɗin makaranta, wanda ake tura wa makarantar, da kuɗin kashewa na wata-wata ga wanda ya nema.” Ma’aunin da muke bi shi ne: duk abin da rashin saninsa zai sa mutum ya yi asarar kuɗi, ko ya yi tafiyar banza, ko ya ɗauki nauyin da bai sani ba, dole ya shiga. Sauran a bar wa ƙofar da aka nuna.

Akwai iyakar abin da sanarwa za ta iya, ko ta kai yaya wajen kyau. A wannan shirin, sai makaranta ta tura bayanan ɗalibanta ga asusun kafin a iya tantance mai nema. Ɗalibi zai iya cika kowane sharaɗi, ya je da lambobinsa daidai, amma na’ura ta ce ba ta san shi ba, saboda sunansa bai iso daga makarantarsu ba. Ofishin da ya san aikinsa, idan ya ga irin wannan ƙorafi ya yawaita, sai ya fitar da sanarwa ta biyu mai nata kwanan watan, ta faɗi abin da wanda ya gamu da matsalar zai yi. Ba a goge ta farko a yi shiru kamar ba a taɓa yin ta ba. Kuma akwai gibin da ya shafe mu musamman: sanarwarmu da Hausa take, amma shafin da muka tura mutane da Turanci yake. Ga ɗalibin jami’a wannan ba matsala ba ce. Ga mahaifiyarsa da ke son ta san abin da ɗanta zai ɗauka, matsala ce, kuma shi ya sa muka nace sharaɗin biya ya fito a cikin Hausar, kada a ce sai an je can.

Ta yaya za ku gane ko sanarwar da kuka rubuta ta yi? Kada ku tambayi abokin da kuka rubuta tare, domin ya riga ya san abin da ake nufi, zai cike gibin da kansa ba tare da ya lura ba. Ku nemi wanda bai san komai game da batun ba, ƙaninku na aji ɗaya ko mai gadin makaranta. Ku karanta masa sau ɗaya tak, ku rufe takardar, ku ce ya faɗa muku abin da ya ji da abin da zai yi. Idan ya ce “ana raba kuɗi”, kalmar bashi ba ta zauna ba. Idan ya ce “to ina zan je?”, layin ƙarshe bai yi aiki ba. Kada ku yi masa ƙarin bayani da baki, domin takardar da ke bango ba ta da baki. Ku koma ku gyara rubutun, ku nemi wani sabon mutum ku sake gwadawa.

Sannan ku bi kowace lamba da kowane suna da yatsa, kuna gwada su da takardar asali. Rana ta dace da kwanan wata? Idan kun rubuta Alhamis, 24 ga Mayu, 2024, alhali Juma’a ce, rabin mutane za su bi ranar, rabi su bi kwanan. Kalanda kawai za a duba, aikin daƙiƙa goma, amma kuskure ne da ake yawan yi, musamman idan an ɗauko sanarwar bara an sauya shekara an manta da ranar.

Ga aikin wannan mako. Ku ɗauka hukumar ɗakin karatu ta garinku za ta fara bai wa ’yan sakandare aron littattafai su tafi da su gida, abin da ba ta yi a da. Ga bayanan da shugaban ya ba ku a baki, a hargitse: littafi biyu kawai ake ɗauka a lokaci guda, ana mayarwa cikin mako biyu, sai an zo da katin makaranta da hoto ɗaya, rajista kyauta ce amma wanda ya ɓatar da littafi zai biya, ba a buɗewa ranar Lahadi, kuma shugaban yana so a ambaci cewa shi ne ya kawo tsarin. Bai faɗa muku ranar farawa ba, bai kuma faɗi teburin da za a je ba. Ku rubuta sanarwar cikin kalmomin da ba su wuce saba’in ba. A ƙasanta, ku rubuta tambayoyi biyu da za ku koma ku yi wa shugaban kafin a manna ta, da abu ɗaya daga cikin bayanansa da kuka yanke shawarar bari a waje, tare da dalilinku. Ku lura da kalmar da za ku zaɓa a wannan karon, tsakanin aro da rance da bashi. Ku kai wa malaminku na Hausa ya duba, sannan a karanta wa ’yan aji ɗaya a ji abin da suka fahimta.